Firiyod 40 da ɗakin gwaji guda ɗaya

Ni malamin Lissafi ne, kuma wannan kaɗai ne dalilin da ya sa aikin tsara jadawalin darussa ya faɗo kaina. Mataimakin shugaban makarantarmu da ya daɗe yana yin aikin ya kai lokacin ritaya, aka duba cikin malamai aka ce a ba mai lissafi, tunda shi ya saba da lambobi. Ban yi gardama ba. A ganina a lokacin, aikin bai wuce zana akwatuna a cika su da sunaye ba.

Makarantar tana da azuzuwa 12, daga aji ɗaya zuwa aji shida, kowanne A da B. Malamai 24 ne. Ana karatu kwana 5 a mako, firiyod 8 a rana, kowanne minti 40. Ke nan kowane aji yana da gurbi 40 a mako, makarantar baki ɗaya tana da gurbi 480 da za a cika. Dokokin da ba a ketarewa uku ne, kuma ko yaro ya san su. Malami ba zai tsaya a aji biyu a lokaci guda ba. Aji ba zai karɓi malamai biyu a lokaci guda ba. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki darasi biyu a lokaci guda ba.

Da dattijon zai miƙa mini tsohuwar takardarsa, wadda goge-goge ya sa ta kusa hujewa, sai ya ce, "Malam, kada ka fara da akwatin farko. Ka fara da wanda ya fi kowa ƙarancin wurin zama." Na ce masa, "To, Baba, na gode." Ban fahimci nauyin maganar ba sai da na ci karo da ɗakin gwaji.

Ɗakin gwajin kimiyya guda ɗaya muke da shi. Azuzuwa shida na sama, wato aji huɗu, biyar da shida, kowanne yana bukatar shiga sau uku a mako: Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kowace shiga firiyod biyu ce a haɗe, domin minti 40 ba sa isa a fito da kaya, a yi gwajin, a rubuta sakamako, a wanke a mayar. Shiga 18 ke nan, wato firiyod 36. Ɗakin yana da firiyod 40 a mako, a cire biyun ƙarshe na ranar Laraba da duk makaranta ke fita wasanni, saura 38. Duk wanda ya kalli 36 da 38 zai ce akwai wuri har da rara.

Amma a tsohon jadawalin na tarar gwaje-gwaje huɗu ba su da mazauni na kirki. Wasu sun fara kafin tara, sun ƙarasa bayanta. Malamar Kemistiri ta ce mini a haka ɗalibai ke barin gwaji rabi su fita, su dawo ruwan da aka ɗumama ya huce, wata kwalabar ma an taɓa ta. Wani ajin kuwa a kan allo ake zana masa gwajin a ce ya gani. Na zauna na sake ƙirgawa, wannan karon ba firiyod nake ƙirgawa ba, tagwaye nake ƙirgawa. A lokacin ana fita tara bayan firiyod na 5. Safiya tana da firiyod biyar, waɗanda ke ba da tagwaye biyu, guda ɗaya ya tafi a banza. Bayan tara akwai firiyod uku, su ba da tagwaye ɗaya, wani gudan ma ya tafi a banza. Shiga uku ke nan a rana, 15 a mako, wasannin Laraba su cinye ɗaya, saura 14. Muna neman 18. Ko wane ne ya riƙe fensirin, huɗu sai sun rasa wuri.

Na ɗauki wannan lissafin na kai wa shugaban makaranta. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka dawo da tara bayan firiyod na 4, kowace rana za ta rabu huɗu da huɗu. Za mu samu shiga huɗu a rana, 20 a mako, 19 bayan an cire wasanni." Ya kalli takardar ya ce, "Wato minti 40 ɗin nan ne ya hana mu sakat duk shekarun nan?" Aka matsar da ƙararrawa. Ba a ƙara malami ba, ba a gina ɗaki ba, gwaje-gwaje 18 suka samu wuri.

Tun daga nan ban ƙara sanya ko darasi ɗaya a takarda ba sai na gama ƙirga abin da ake nema da abin da ke akwai, kuma da ma'aunin da ake amfani da abin. Ɗakin gwaji da tagwaye ake auna shi. Malamin da ke zuwa wasu ranaku kawai da ranakunsa ake auna shi. Darasin da ake so ya bayyana kullum, kamar Lissafi mai firiyod biyar, da ranaku ake auna shi, domin gurbi 40 ba su amfane shi da kome ba idan malaminsa ba ya nan ranar Litinin.

Na ɗauka wannan ƙirgar ta gama magana, har shekarar da malaminmu na Fiziks ya samu canjin wurin aiki. Aka ba mu wani da muke rabawa da wata makaranta, yana zuwa mana Litinin, Talata da Laraba. A shekarar kuma malamar Kemistiri ta samu izinin ƙaro karatu, Alhamis da Jumma'a ba ta nan. Na yi ƙirgata kamar yadda na saba. Malamin Fiziks yana da firiyod 18 a mako, ranakunsa uku suna da 22 bayan an cire wasanni, ya shiga. Malamar Kemistiri ita ma 18 cikin 22, ta shiga. Shigarsa ɗakin gwaji shida ce, ranakun nan uku suna da shiga 11, akwai wuri. Ita ma shida cikin 11. Ɗakin kansa 18 cikin 19. Duk inda na duba lissafi ya yi daidai.

Na fara zubawa. Fiziks shida suka zauna lafiya. Kemistiri biyar suka zauna, na shida ya ƙi. Na goge na fara da Kemistiri, sai Fiziks na ƙarshe ya ƙi. Na canja tsarin azuzuwan, na juya ranakun, kullum guda ɗaya ne ke tsayawa a waje, sai dai fuskarsa ta canja. Wannan alama ce da ya kamata duk mai wannan aiki ya gane. Idan kana gyara wuri ɗaya matsalar tana ɓullowa a wani, kuma adadin abin da ya rage bai taɓa sauka ba, to ba dabararka ce ta gaza ba. Akwai wasu mutane ko darussa da suka haɗu a kan wuri ɗaya da bai ishe su ba, sai ka nemo su.

Su waye ke rububin wuri ɗaya a nan? Malamin Fiziks da malamar Kemistiri. Kowannensu shi kaɗai yana da wuri a yalwace. Amma su biyun a haɗe suna neman shiga 12, kuma dukansu a cikin Litinin zuwa Laraba, inda ɗakin ke da huɗu da huɗu da uku, wato 11. Shiga takwas na Alhamis da Jumma'a suna nan a buɗe, Bayoloji shida kawai ke bukata, amma ragowar biyun ba su da amfani ga mutanen da ba sa makaranta a ranakun.

Daga baya na gane abin nan yana da asali a fannin da na karanta. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Philip Hall, ya tabbatar a 1935 cewa idan ana so a ba kowa nasa wurin daga cikin wuraren da suka dace da shi, bai isa a duba mutum ɗaya ɗaya ba. Dole kowane rukuni da ka ɗebo, mutum biyu ne ko uku ko goma, wuraren da suka dace da su a haɗe su kai yawan abin da suke nema. Nan wahalar take. Malamai 24 suna ba da rukunin mutum biyu-biyu har 276, kuma idan za a bi kowane rukuni mai yiwuwa, an haura miliyan 16. Ba wanda zai bi su duka da fensir. Abin da nake yi shi ne in duba inda ake zargi: duk waɗanda ke amfani da ɗaki ɗaya, duk waɗanda ranakunsu suka zo ɗaya, da duk waɗanda aka taƙaita kuma suke koyar da aji ɗaya.

Mafita biyu na gabatar. Ko dai malamar ta samu zuwa safiyar Alhamis, ko a mayar da wasanni Alhamis. Na farko bai yiwu ba, domin ba ita ke da ikon lokacin karatunta ba. Malamin wasanni bai ji daɗi ba, ya ce, "Malam, kai kullum sai abin da ba ya cikin aji kake taɓawa." Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin shi ne nasa ne kaɗai ke iya motsi ba tare da ya ture wani ba. Aka mayar. Litinin zuwa Laraba suka zama shiga 12 cif, ɗakin gwaji ba ya hutawa ko firiyod ɗaya, in mai Fiziks ya fita mai Kemistiri ta shiga. Alhamis da Jumma'a suka rage bakwai, Bayoloji ya ɗauki shida.

An biya kuɗin wannan mafita ta wata hanya. Ɗaliban sama sun riƙa gama Fiziks da Kemistiri na mako tun ranar Laraba, ba za su sake jin su ba sai Litinin. Mai kula da ɗakin gwaji kuma ba ya samun ko ɗan lokaci tsakanin aji da aji, sai ya koma shirya kayan rana guda tun da sassafe a cikin tire daban-daban. Jadawali ya fita babu karo ko ɗaya, amma ba zan kira shi mai kyau ba. Rashin karo daban, kyau daban.

Yadda nake zubawa yanzu ya bi maganar dattijon nan. Gwaje-gwaje ne farko, sai malaman da ranakunsu ba su cika ba. Sai darussan zaɓi, waɗanda su ne suka fi kome taurin kai. A aji biyar, A da B suna haɗuwa su rabu gida uku, wasu Labarin Ƙasa, wasu Adabi, wasu Zane. Darasi ɗaya a takarda, amma yana ɗaure azuzuwa biyu da malamai uku a firiyod guda, kuma yana neman ɗakuna uku. Mu kuwa ɗakunan karatu 12 gare mu, daidai yawan azuzuwa. Rukuni na uku ba shi da wurin zama sai idan a daidai lokacin wani aji ya tafi ɗakin gwaji ya bar nasa ɗakin. Ke nan darasin Adabi ya dogara da lokacin Bayolojin wani ajin da ba ruwansa da shi. Bayan waɗannan sai Lissafi da Turanci da ake so su bazu a kwana biyar. Darussa masu firiyod biyu ko uku na malaman da ke nan kullum su ne na ƙarshe, domin kusan ko'ina suna iya zama.

Duk da haka, ƙarshen aikin ne wurin gumi. Gurbi 400 na farko suna cika cikin sauƙi, domin takarda a buɗe take. Idan ya rage goma ko ashirin, sai ka ga aji yana da gurbi, malami ma yana da gurbi, amma ba su zo lokaci ɗaya ba. Masu sabon hannu a nan suke goge kome su sake. Akwai hanyar da ta fi haka, bari in nuna ta da wani da na yi.

Ya rage mini darasin Tarihi ɗaya na aji 2A. Gurbin da ya rage wa ajin shi ne Alhamis firiyod na 3. A daidai lokacin malamin Tarihi yana aji 3B, amma Jumma'a firiyod na 6 ba shi da kome. Sai na rufe idona daga sauran jadawalin, na kalli waɗannan firiyod biyu kawai. Na ɗauke Tarihin 3B daga Alhamis na kai shi Jumma'a. A can 3B suna da Turanci, sai na dawo da Turancin nasu Alhamis, wurin da Tarihi ya bari. Amma malamar Turanci a Alhamis firiyod na 3 tana 1A, sai na kai wannan darasin Jumma'a, tunda yanzu ta samu sarari a can. A Jumma'a 1A suna da Labarin Ƙasa, na dawo da shi Alhamis. Na duba malamin Labarin Ƙasa, Alhamis firiyod na 3 ba shi da kome. Sarƙar ta ƙare. Darussa huɗu sun yi musayar wuri tsakanin firiyod biyu, ba a taɓa kowa ba sai su, kuma yanzu malamin Tarihi da aji 2A dukansu a sake suke a Alhamis firiyod na 3.

Wani zai tambaya, idan sarƙar ta zagayo ta dawo kan 2A ɗin fa? Ba za ta dawo ba. A duk tafiyar, ta darasin Alhamis ake shiga sabon aji, 2A kuwa ba su da darasi a wannan firiyod ɗin, saboda haka babu ƙofar da za a shiga musu. Kuma tunda kowane malami da kowane aji darasi ɗaya kawai yake da shi a kowane firiyod, sarƙar ba ta rassa, ba ta kuma komawa inda ta wuce. Dole ta tsaya a kan wani da ke da sarari.

Wannan ce hujjar wani sakamako da Dénes Kőnig, masanin lissafi ɗan Hungary, ya fitar a 1916. Idan aka mayar da shi yaren makaranta, cewa yake: in kowane darasi malami ɗaya ne da aji ɗaya na firiyod ɗaya, kowa yana nan kowane lokaci, kuma ɗaki ba matsala ba ne, to jadawali marar karo yana samuwa muddin ba malami ko ajin da darussansa suka fi yawan firiyod ɗin mako. Ranar da na fahimci wannan sai na daina zargin yawan azuzuwa. Makaranta mai aji 100 ma, in ta cika waɗannan sharuɗɗa, sarƙa kaɗai ta isa a gama mata. Abin da ke kawo wahala shi ne babu makarantar da ta cika su.

A misalin nan nawa, da a ce malamin Labarin Ƙasa ba ya zuwa Alhamis, sarƙar ta tsinke a zobenta na ƙarshe. Da darasin 1A rabin tagwaye ne, ba za a ɗauke shi shi kaɗai ba. Da na ɗakin gwaji ne, sai an tambayi ɗakin ma. Da darasin zaɓi ne, zobe ɗaya zai ja malamai uku da azuzuwa biyu, kowanne ya buɗe tasa sarƙar, kuma a nan tabbacin da na bayar a sama ya rushe. Ko a yadda ta yi nasara, sai da ta bar tabo: 3B suna da Turanci a firiyod na 1 ranar Alhamis, yanzu sun samu biyu a ranar, Jumma'a kuwa babu. Abin da ke taimako shi ne kowane firiyod da malamin Tarihi ba shi da aiki bakin wata sarƙa ce daban. Nakan gwada uku ko huɗu a gefen takarda, in ɗauki wadda ta fi gajarta ko wadda ɓarnarta ta fi sauƙi. A wannan karon sauran duk sun bi ta kan gwaji ko darasin zaɓi, sai na haƙura da Turanci biyu.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke juya matsalar daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A 1976 masana uku, Shimon Even, Alon Itai da Adi Shamir, suka nuna cewa da zarar an yarda wasu malamai ba sa samuwa a wasu lokuta, ko da firiyod uku kacal ake magana, matsalar ta shiga rukunin waɗanda har yau ba a san wata hanya mai sauri da ke warware kowane irinsu ba. Irin waɗannan matsaloli suna da hali guda: duba amsa abu ne mai sauƙi, samo ta ne aiki. Shi ya sa malamin da bai taɓa zama ya tsara ko rana ɗaya ba zai tsaya gaban allon sanarwa ya gano aibin jadawali cikin minti biyu, kuma ya yi gaskiya. Ni ma ina ganin aibin. Abin da ba ya gani shi ne darussa nawa za su tashi idan aka taɓa wannan gudan.

Da muka samu kwamfuta a ofis, abin da na fara ba ta shi ne dubawa. Nakan jera azuzuwa 12 a layuka, kowane firiyod da ginshiƙinsa, in sa wannan ƙa'ida ta canja launin duk akwatin da malami ya fito sau biyu a ginshiƙi ɗaya:

```
=COUNTIF(B$2:B$13,B2)>1
```

Tana aiki, amma haruffa take kwatantawa, ba ta san mutane ba. Idan an rubuta malami da cikakken sunansa a wani aji, aka taƙaita a wani, za ta ɗauka mutum biyu ne ta yi shiru, sai ranar Litinin azuzuwa biyu su aiko neman mutum ɗaya. Saboda haka kowane malami na ba shi lamba, lambar nake rubutawa. Tana kuma yin ƙarar ƙarya a darasin da aka haɗa azuzuwa biyu da gangan. Sannan malamai kaɗai take dubawa, ɗakuna suna bukatar nasu shafin. Dubawar da ta fi kowacce kama ɓoyayyen kuskure ita ce a fitar wa kowane malami nasa jadawalin daban, a ba shi ya ƙirga darussansa da kansa. Darasin da ya ɓace gaba ɗaya ba ya karo da kowa, ba launin da zai nuna shi, sai mai shi ne zai ce nasa 18 ne amma 17 ya gani.

Daga baya na koma amfani da FET, manhaja ce ta kyauta da aka yi domin wannan aiki. Tana gwada musaya iri-iri da saurin da hannu ba zai kama ba, kuma ta rage mini gumin ƙarshen nan ƙwarai. Sai dai ba ta ƙirƙiro wurin da babu. Na taɓa shigar mata da tsohuwar matsalar shiga 12 cikin 11 don in ga abin da za ta yi. Ta zuba kusan kome, ta tsaya tana ta juyi a kan 'yan darussan da suka rage. Idan ka ga haka, abu biyu ne: ko jadawalin yana yiwuwa amma yana da wuyar samu, ko ba ya yiwuwa sam. Daga kallon allo ba za ka bambance su ba. Sai ka duba darussan da ta maƙale a kansu, ka tambayi kanka me suka haɗa, malami ne, ɗaki ne ko rana, ka koma ƙirga da hannu.

Manhajar tana ba kowane sharaɗi nauyi, daga sifili zuwa kashi 100, kuma wannan ya tilasta mini yin abin da dā nake yi a zuci: raba dole da son samu. Karon malami dole ne a kauce masa. Ranakun wanda muke rabawa da wata makaranta dole ne. Amma Lissafi da safe son samu ne, kuma ko ni mai darasin na san ba zai samu ga kowa ba. Malamin Lissafi mai azuzuwa huɗu, in an ce kowane aji ya yi Lissafi a firiyod biyun farko kullum, yana da gurbi biyu a rana ga azuzuwa huɗu. Biyu sai sun jira. Abin da ake iya yi shi ne a karkasa, ajin da ya samu safiya Litinin ya haƙura Talata.

Buƙatun malamai kuwa a nan aikin ya daina zama lissafi. Wannan ba ya son firiyod na farko, waccan ba ta son na ƙarshe, wani yana son rana guda babu kome, wani ba ya son zaman jira tsakanin darasi da darasi. Kowace buƙata ita kaɗai ƙarama ce, kuma mai ita yana da hujja. Amma duk wadda na karɓa na mayar dole, na cire zobe ɗaya daga sarƙoƙin da zan nema a ƙarshe. Idan mutum bakwai suka ce ba sa son firiyod na 8 ranar Jumma'a, saura 17, ana neman 12, sai a ga kamar ba kome. To amma sai an duba ko cikin 17 ɗin kowane aji yana da mai koyar da shi, kuma ba mutum ɗaya azuzuwa biyu suka dogara da shi ba. Matsalar Hall ce ta sake dawowa a firiyod guda. Shi ya sa nake karɓar buƙatu a rubuce kafin in fara, in kai wa shugaban makaranta ya ware waɗanda za a ɗaure. Ba na son ya zama ni ne mai yanke wa abokan aikina wanda uzurinsa ya fi na wani.

Wata malama ta taɓa tare ni bayan an liƙa jadawali, ta ce, "Malam, don Allah darasi ɗaya kawai za ka matsar mini, na Talata firiyod na 7." Na ce, "Malama, zo mu bi shi tare." Muka zauna, na ba ta fensirin. Zobe na farko ya wuce lafiya, na biyu ya faɗa kan Kemistirin 5B a ɗakin gwaji, a ranakun nan uku da ba su da rarar ko firiyod ɗaya. Muka gwada wani firiyod, ya kai mu darasin zaɓi. Na uku ya yiwu, amma zai ba wani malami darussa shida a jere ba hutu sai tara. Ta ce bari ta je ta tambaye shi da kanta. Ya yarda, bisa sharaɗin ta karɓar masa firiyod na 1 ranar Litinin, wanda shi ma sai da muka bi tasa sarƙar kafin mu sa hannu.